Abin da aka tattauna kan rahoton saƙon tes na talla

1. Kowa ya amince cewa adadin isar saƙo yana nuna ingancin jerin lambobi ne kawai, domin rahoton kamfanin waya bai nuna an karanta saƙon ba.

2. An daɗe ana muhawara kan kuɗin shiga na kowane saƙo, kuma a ganina nan ne kuskure ya fi yawa. Misali, an tura saƙo 10,000, guda 9,000 suka isa, aka yi cinikin 450,000. Wasu na rabawa da waɗanda suka isa su samu 50, wasu kuwa da waɗanda aka tura su samu 45, hujjarsu ita ce sau da yawa ana biyan kuɗin saƙon ko bai isa ba. An kuma yi gargaɗi cewa dogon saƙo yana rabuwa kashi biyu ko uku, kowane da kuɗinsa.

3. A ware amsar STOP, wato amsar da mutum ke turawa don a daina aiko masa da saƙon, daga sauran amsoshi, in ba haka ba masu ficewa za su bayyana a rahoto tamkar masu sha'awar kayan.