Karan ɗorin da malam ya soke

Zainabu: Jama'a ku taya ni gani. Malamin da ke duba min furojet ya dawo min da babi na biyu. A shafi na 14 na rubuta "a well known trader", ya sa jan biro ya ƙara karan ɗori tsakanin well da known. A shafi na 17 na rubuta "the trader is well-known", ya soke karan, har da rubuta "kuskure" a gefe. Kalma ɗaya, hukunci biyu. Wallahi son rai ne kawai.

Malam Habu: Ƙanwata, yi haƙuri, malaminki na kan hanya. Idan kalmomi biyu suka haɗu suna siffanta suna, kuma suka zo gabansa, ana ɗaure su don mai karatu ya san tafiyarsu ɗaya. Duba "a little used car". Wannan ƙaramar mota ce ta hannu. Amma "a little-used car" mota ce da ba a mora sosai ba, ko da kuwa ƙatuwa ce. Karan ne kaɗai ya raba su. To idan kika ce "the car is little used", sunan ya riga ya wuce, babu abin da little zai maƙale wa sai used. Ruɗani ya kau, karan ba shi da sauran aiki, sai a ajiye shi.

Bashir: Shi ke nan. Duk kalma biyu kafin suna a sa musu kara, bayan suna a cire. Haka aka koya mana.

Malam Habu: Ba duka ba, Bashir. "A highly paid worker" ba a sa masa, don bayanau mai ƙarewa da ly kowa ya san kalmar da ke binsa yake yi wa aiki.

Jamilu: Ni kalmar kuskure ce ta tsaya min a rai. Yanzu na buɗe ƙamus, well-known da karansa yake. Ƙamus ne ya yi kuskure ke nan?

Malam Habu: Ƙamus kalmar ya jera maka, bai ce haka za ta zauna a kowace jimla ba.

Jamilu: Allah gafarta malam, ai jaridun Turawan ma na sha ganin "is well-known". Abin da masu harshe ke rubutawa ta yaya zai zama kuskure? A ce salo ne mana.

Hajiya Rabi: Jamilu ya yi gaskiya. Malaman nan jan biro ne ke musu daɗi. Ni nawa babi na uku sai da ya yi wata biyu a ofis, da na je karɓa aka ce an tafi taro.

Bashir: Hajiya ana maganar kara kina maganar taro.

Malam Habu: Na yarda gidajen buga littattafai sun sha bamban. Littafin ƙa'idojin rubutu na Chicago Manual of Style ya fi son a cire bayan suna, kuma akwai editocin da ke barinsa bayan is ko was. Amma wanda ke duba aikinki ya zaɓi tsari ɗaya, shi za ki bi daga farko har ƙarshe.

Jamilu: Alhamdu lillahi, ka dawo hanya. Ashe ba kuskure ba ne.

Malam Habu: Ban ce haka ba. Na shafi na 14 fa? Shi ma salo ne?

Jamilu: Ni na 17 nake magana.

Usaina: Don Allah tambaya. Kullum ina rubuta "a five years old boy" a rahoton asibiti. Wannan ma yana ciki?

Malam Habu: Yana ciki. "A five-year-old boy", kara biyu, kuma s ta faɗi. Bayan suna sai ki ce "the boy is five years old", babu kara, s ta dawo.

Jamilu: To "she is good-looking" fa? Ga shi bayan suna, ga kara. "He is self-employed" ma haka. Ina ƙa'idar taku?

Malam Habu: Waɗannan sun riga sun daskare sun zama kalma ɗaya, kamar yadda ba ka raba faɗi-tashi ko guje-guje a Hausa duk inda suka faɗo. Well known bai gama daskarewa ba, shi ya sa kake iya cewa "very well known", ko "better known".

Bashir: Jamilu dama tun aji ɗaya ba ya ga maciji da malaman Turanci.

Jamilu: Kai da ka maimaita kwas ɗin sau biyu ne za ka faɗa min?

Hajiya Rabi: Ku ji tsoron Allah, yarinya ta kawo kuka kun koma tone-tone.

Zainabu: Ni yanzu in cire ko in bari? Ranar Litinin zan mayar.

Jamilu: Bari in taƙaita muku. An tabbatar ƙamus na tare da Zainabu, Malam Habu da bakinsa ya amsa cewa salo ne, saboda haka malaminta ya zalunce ta. Ki cire don ki samu sa hannu, amma ki sani ke ce da gaskiya.

Malam Habu: Shafi na 14, Jamilu. Har yanzu ba ka taɓa shi ba.