Wa gudu ya taɓa fito wa da alamar ragi a lissafin faranti biyu?

Ɗan Kawo: Jama'a, jiya na kwana a kan tambayar nan: farantin ƙasa a tsaye, na sama yana tafiya da gudun U, baƙin mai a tsakani, ga kuma matsi. Kusa da farantin ƙasa sai gudun ya fito min da alamar ragi. Sau uku ina gogewa ina sakewa. Wa ya taɓa cin karo da wannan?

Maman Hanifa: Ni ce nan, a jarrabawar aji uku. Tawa dai alamar `dp/dx`, wato canjin matsi ta gaba, na juya. In matsi yana taimakon farantin, to raguwa yake yi ta gaba, ragi ne ke nan. Duba taka, kuskure ne kawai.

Injiniya Barnawa: Maman Hanifa, ba kullum ba. Wani lokacin amsar daidai take, man ne da gaske yake komawa baya.

```
u = U*y/h - (1/(2μ))*(dp/dx)*y*(h - y)
```

A nan `u` gudun mai ne, `y` nisa daga farantin ƙasa, `h` tazarar farantan, `μ` kuma kaurin mai. Kashin farko jan farantin ne, na biyu turin matsi. In matsi yana ƙaruwa ta gaba, kokawa suke yi, kuma man da ke ƙasa shi yake fara sallamawa, tunda ya fi nisa da farantin da ke jansa. Juyawar tana farawa ne idan `dp/dx` ya wuce `2μU/h²`.

Ɗauki `μ = 0.1 Pa·s`, gudu mita 1 a daƙiƙa, tazara milimita 1. Iyakar ita ce `200 kPa/m`. Ka ninka ta uku, `600 kPa/m`, sai jimillar kwarara ta zama sifili. Na taɓa gwada wa wani ɗalibina wannan, ya ce ai man ya tsaya cak. Ina! Kashi biyu cikin uku na tazarar, daga ƙasa, baya yake yi, na saman yana gaba, suna cinye juna.

Oga Sani Panteka: Ni ban san lissafinku ba, amma in inji ya yi zafi mai yakan tsinke kamar ruwa, fitilar mai ta riƙa ƙiftawa. Shi ne komawa bayan?

Injiniya Barnawa: A'a Oga, wannan daban ne. Amma ka taɓo wurin: lissafin ya ɗauka kaurin mai ba ya canzawa. In ya tsinke da rabi, iyakar nan ta sauko `100 kPa/m`.

Zee Tudun Wada: Ni da ruwa na gwada, tazara santimita 1, gudun dai mita 1. Lambar Reynolds ta kai 10,000, ruwan ya hargitse, awon da lissafin ko gaisawa ba su yi ba.

Ɗan Kawo: Na gode, Injiniya. Nawa `450 kPa/m` ne, ashe amsar nake ta gogewa. To Zee, daga wace lamba ya fara hargitsewa a wajenki?