Wai kwastoma ya yi min kutse

Mai Shagon Kwamfuta: Jama'a ku taya ni ji. Na tura wa kwastoma takardar farashi ta PDF. Kafin in tura na goge tsohon kuɗin, na ɗora farin akwati a wurin, na rubuta sabo. Da la'asar sai ga shi ya kira yana karanto min tsohon farashin, har da sunan wanda na fara yi wa takardar. In ba kutse ba, mene ne wannan?

Injiniya: Malam, ba ka goge ba, rufewa ka yi. Akwatin shimfiɗa ce kawai a sama, rubutun yana kwance a ƙasansa. Buɗe fayil ɗin, danna Ctrl+A, sai Ctrl+C, ka liƙa a Notepad, za ka ga tsohon kuɗin ya fito. Haka lauyoyin Paul Manafort, tsohon shugaban yaƙin neman zaɓen Donald Trump, suka yi a wata takardar kotu a Janairun 2019: 'yan jarida suka kwafo abin da ke ƙarƙashin baƙin layin da lauyoyin suka ja.

Ɗan Kurmi: Goge da rufe duk ɗaya ne mana. In ka shafe allo da farin fenti ba ka goge ba?

Hajiyar Atamfa: A'a ɗana. In na rufe tukunya, miya ta ɓace ne?

Ɗan Kurmi: Hajiya, ana maganar kwamfuta kina kawo miya.

Baban Ummi: Ni dai na san WhatsApp yana wanke komai. Da ta nan ka tura da ba a yi haka ba.

Injiniya: Hoto yake cire wa bayanan kyamara, in ka tura shi a matsayin hoto. PDF kuwa yadda ka ba shi haka yake kaiwa. Shi sunan nan, duba Title da Author a Document Properties, ina zargin can ya maƙale.

Baban Ummi: To ya sa `exiftool -all=` ya huta.

Injiniya: A PDF ɓoyewa kawai yake yi, ana iya dawo da bayanan. Sai an sake gina fayil ɗin, sannan a duba:

```
qpdf --linearize a.pdf b.pdf
exiftool b.pdf
```

Kuma wannan ba ya taɓa rubutun da ke ƙarƙashin akwati. Ka koma Word, ka gyara kuɗin a can, ka karɓi duk Track Changes, ka bi ta Inspect Document, ka fitar da sabuwar PDF.

Hajiyar Atamfa: Ni tambayata, nawa ka ƙara masa a kan na farko?

Mai Shagon Kwamfuta: Hajiya, takarda ta yi tsada.

Ɗan Kurmi: Ku bar shi, kishi ne. Har yanzu ba wanda ya kawo min ƙamus da ya raba goge da rufe.

Mai Kula da Zaure: To, abin da na fahimta: kwastoma bai kyauta ba da ya yi ta tone-tone a takardar mutane. Maƙwabcina ne mai shagon, na san amanarsa. Maganar Injiniya ta yi tsawo, mai lokaci ya karanta.