Kalkuleta ya ba ni 68.2°, malam ya soke: wa irin wannan ta taɓa samu?

Hauwa'u, Mabera: Salamu alaikum. Don Allah waɗanda suka taɓa shiga irin wannan su taimake ni. An ba mu alwatika mai gefuna 5, 7 da 10, aka ce mu nemo kusurwoyinta uku. Na fara da kusurwar da ke fuskantar 7, na samu cos A = 0.76, wato A = 40.5°. Sai na koma kan wadda ke fuskantar 10, na lissafa sin C = 10 × sin A ÷ 7, ya ba ni kusan 0.928. Na danna SHIFT da sin, 68.2° ta fito. Ta ukun kuma na cire su daga 180°, ta zama 71.3°. Malaminmu ya ba ni makin ta farko, ya ja wa sauran biyun jan biro. Na maimaita sau uku, abu ɗaya nake samu, kuma abin ya dame ni ƙwarai don jarrabawa ta matso.

Nasiru, Arkilla: Ƙanwata, duba saman allon kalkuletan. D ke rubuce ko R? Ni bara haka ta faru da ni, ƙanena ya taɓa mini shi ya koma radiyan. Na nemi sin⁻¹(0.5) ina jiran 30, sai ga 0.5236. Rabin takardar nan haka na yi ta.

Hauwa'u: Yaya Nasiru, D ne. Ai da radiyan ne da ba zan ga 68.2 ba.

Malam Umaru, Runjin Sambo: Ɗiyata, kalkuletanki lafiya lau yake, kuma har zuwa 0.928 ɗin nan ba ki yi kuskure ba. Amma ajiye shi gefe ki dubi amsoshinki da ido. A kowace alwatika, gefen da ya fi tsawo shi ke fuskantar kusurwar da ta fi girma. Ke kuwa gefen 5, wanda shi ne ƙarami, kin ba shi 71.3°, gefen 10 kin ba shi 68.2°. Da kafinta za ki kai wa wannan awo, ba zai iya haɗa katakon ba.

Abin da ya faru shi ne, kusurwa biyu ne a ƙasa da 180° ke ba da sin 0.928. Akwai 68.2°, akwai kuma 111.8°, wato 180° a cire 68.2°. Maɓallin sin⁻¹ kuwa amsa ɗaya tak yake bayarwa, don haka masu lissafi suka yi masa iyaka: daga −90° zuwa 90° kawai yake ɗauko ta. A wannan tsakanin sin hawa yake yi daga −1 zuwa 1 ba ya komowa, don haka kowace lamba kusurwa ɗaya ke gare ta. Duk yadda kika danna shi ba zai taɓa nuna miki 111.8° ba, ke ce za ki san cewa ita ake nema. Ga yadda za ki sani tun kafin ki fara: 5² da 7² in an haɗa 74 ne, 10² kuwa 100. Tunda 100 ta fi 74, babbar kusurwar ta wuce 90°. To C = 111.8°, B kuma ta rage 27.7°, kin ga ƙaramin gefe ya samu ƙaramar kusurwa.

Na daɗe ina koyar da wannan darasi, kuma kowace shekara a nan yara ke faɗawa. Mu da muka yi karatu da teburin lissafi, shafin sin daga 0° zuwa 90° ya tsaya, kana gani da idonka cewa ya ƙare. Kalkuleta ba ya nuna wa yaro inda ya tsaya. Shi ya sa nake ce wa ɗalibaina in an ba su gefuna uku su fara da babbar kusurwa ta hanyar cos. A naki, cos C = (25 + 49 − 100) ÷ 70, wato −0.371, kuma cos⁻¹ zai ba ki 111.8° kai tsaye, don shi iyakarsa daga 0° ne zuwa 180°.

Abdulrazaƙ: Gaskiya ne Malam. Ni abin da na riƙe tun muna aji biyar shi ne, duk abin da kalkuleta ya ba ka, ka cire shi daga 180°, ka samu amsa ta biyu. Da shi na ci tambayar sin⁻¹(sin 150°), na san 30° ce ba 150° ba.

Malam Umaru: Amsarka ta 30° daidai ce, amma dokar taka ta sin ce kaɗai. Gwada ta da cos: cos 60° rabi ne, cos 120° kuwa −0.5. Abokiyar 60° a wajen cos ita ce 300°, daga 360° ake cirewa.

Baban Zainab, Kwannawa: Ni nawa ba a aji ya same ni ba, a fili ne. Awon filaye nake yi. Lokacin ina koyon aikin, aka ba ni turaku biyu, na biyun yana mita 30 yamma da na farkon, mita 40 kudu. Aka ce in fitar da alƙiblar layin daga arewa. Na rubuta −30 bisa −40, alamun biyu suka cinye juna ya zama 0.75, tan⁻¹ ya ba ni 36.9°. Na ɗauki kayan aiki na nufi arewa maso gabas. Maigidana ya kira ni ya ce, yaro, turken yana bayanka. Amsar 216.9° ce. tan⁻¹ tsakanin −90° da 90° yake amsawa, kuma da zarar ka raba lambobin nan biyu ka zubar da labarin ɓangaren da kake. A wajen tan ƙara 180° ake yi, Abdulrazaƙ, ba cirewa daga gare ta ba. Tun ranar ba na danna komai sai na zana ɗan gicciye a takarda na sa ɗigo inda turken yake. A kwamfuta kuma atan2 nake amfani da shi, yana karɓar lambobin biyu daban-daban. Sai dai a kula, Excel x yake fara karɓa, Python kuma y.

Maryam: Ni dai tambayata daban ce. Ashe sin⁻¹ ba 1 ÷ sin ba ne? Na rubuta sin⁻¹(2) ina zaton haka ne, ya ce mini Math ERROR.

Nasiru: Ba shi ba ne, wancan cosec ne. sin⁻¹ kusurwa yake nemo miki, kuma babu kusurwar da sin ɗinta ya wuce 1, shi ya sa ya ƙi karɓar 2. Ni in na gan shi a tsakiyar aiki, na san na kifar da rabawa, na sa dogon gefe a sama.

Hauwa'u: Na gode ƙwarai Malam, na sake yi da cos ya fito 111.8°. Amma ga wata. cot⁻¹(−1) littafinmu ya ce 135°, ƙawata kuma ta yi tan⁻¹(1 ÷ −1) ta samu −45°. Wa ya yi daidai?

Malam Umaru: Nan kam marubuta littattafan ma ba su haɗu ba, ɗiyata. Wasu sun sa iyakar cot⁻¹ tsakanin 0° da 180°, wasu sun bi ta tan⁻¹. Ni 135° nake koyarwa, don a tsakanin 0° da 180° layin cot ba ya yankewa. Ki bi littafin da ake koya muku da shi, ki kuma rubuta iyakar da kika ɗauka a gefen amsarki.

Baban Zainab: Ranka shi daɗe, ni kuwa −45° na saba gani a wajen aiki. In yaro ya rubuta ta ya nuna iyakarsa, za ka ba shi makin?