Ƙwannafi da ƙishirwa sun hana ni asham, ina neman shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum mata. Don Allah a ɓoye sunana. Ni malamar firamare ce, ina tashi daga aiki ƙarfe biyu, in hau adaidaita in sauka a titi in taka zuwa gida, kuma gidan haya muke, madafin babu taga, tun la'asar ina gaban kasko. Maigida ba ya shan ruwa babu ƙosai da soyayyar doya da ƙwai, ga yara ga ƙanin miji, sai a haɗa da dankali ko awara. Da an kira salla nake shanye ruwan sanyi har ya ishe ni, in ci tuya, in sha kunun tsamiya. Kafin isha ƙirjina kamar an hura wuta, ga gyatsa mai tsami, ba na iya tsayuwar asham. Da rana kuma ciwon kai da ƙishirwa tun hantsi. Me zan yi?

Anti Nas: Wa alaikumus salam. 'Yar uwa, cikin da ya wuni sa'a 13 zuwa 14 babu komai kika ɗura wa ruwa lita guda, kika bi da mai, kika rufe da tsami, duk cikin minti goma sha biyar. Maiƙo yana jinkirta fitar abinci daga tumbi, kuma yana sassauta ƙofar da ke tsakanin tumbi da maƙoshi. To tumbi ya cika ya kumbura, ƙofa ta saki, sai kika je kika yi ruku'u da sujada. Dole ruwan tsamin ciki ya hau sama. Ƙwannafin ke nan.

Ki raba buɗa-bakin gida biyu. Da an kira salla ki ci dabino biyu ko uku, ki sha ruwa kofi ɗaya a zaune, kurɓi-kurɓi, ki ƙara da yanka biyu na kankana ko gwanda idan akwai. Ki tashi ki yi magariba. Bayan salla ki sha kunu kofi ɗaya da ƙosai uku, iyaka huɗu, ki tsaya nan. Abu ɗaya soyayye a dare, ba ƙosai da doya da dankali a faranti guda ba. Abinci mai nauyi sai kin dawo daga asham, shi ma ki bar aƙalla sa'a biyu tsakaninsa da kwanciya, in uku ta samu ya fi. Kunun tsamiyar ki ajiye shi na mako guda ki koma na gyaɗa ko farau-farau, ki rage citta da barkono, ki ga ko akwai bambanci. Ba kowa tsamiya ke tayar wa ba, amma gwaji ne zai nuna.

Ruwan kuma ba a tara shi a zama ɗaya. Abin da kika kwankwaɗa lokaci guda, ƙoda za ta fitar da mafi yawansa a fitsari kafin tsakar dare. Ki lissafa da ledar fiya wata, wadda rabin lita ce: rabin leda a buɗa-baki, ɗaya tsakanin magariba da isha, ɗaya bayan asham, ɗaya kafin barci, ɗaya da rabi a sahur. Leda biyar ke nan, lita biyu da rabi. Ma'auninki fitsarin safe: idan fari-fari ne da ɗan ɗorawa kin ƙoshi, idan ya yi ja kamar ruwan shayi kuma kaɗan, ba ki sha isasshe ba.

Hajiya Babba: Ni dai abin da muka tashi muka gani, ɗan jiƙon kanwa ake sha, nan take ƙwannafi ya kwanta. Ko ta koma kunun kanwa. Sannan ta daina ruwan ƙanƙara, shi ke daskarar da mai a ciki.

Anti Nas: Hajiya, Allah ya ƙara girma. Gaskiya ne kanwa na kashe tsami na ɗan lokaci, shi ya sa ake jin sauƙi. Sai dai gishiri ce a asalinta, mai shan ta kullum yana ƙara wa kansa ƙishirwa, kuma ga mai hawan jini ko ciwon ƙoda ko mai juna biyu ba abin wasa ba ce. Ba a kuma san yawan abin da aka jiƙa ba. Batun daskarar da mai kuwa babu shi, ruwan yana ɗumama da zarar ya shiga ciki. Illar mai sanyi ita ce daɗinsa, mutum ba ya sanin ya shanye leda uku a tsaye.

Hajiya Babba: To mu dai mun sha, ga mu nan da ranmu.

Mai tambaya: Anti na gode, amma maganar abu ɗaya soyayye ba za ta yiwu a gidana ba. Ranar da na yi alale kaɗai sai da aka tambaye ni ko man ne ya ƙare. Kuma wanda ya wuni yana tuya ga ƙamshi, ya ce zai tsaya a ƙosai uku? Ruwa kam ina sha sosai, har lemon kwalba nake ƙarawa saboda ƙarfi.

Mai Tuyar Ƙosai: In ba za a bar tuya ba, to a gyara ta. Sau da yawa ƙosan gida yakan sha mai sosai, saboda ana zuba ƙulli mai bai yi zafi ba. Ki ɗiga ɗan ƙulli a gwada: idan ya taso nan da nan yana tsuwa, mai ya yi. Idan ya nutse ya kwanta a ƙasan kasko, jira. Idan man na hayaƙi kuma ya wuce, waje zai ƙone ciki ɗanye. Kada ki cika kasko, ƙulli mai yawa yana kashe zafin mai, sai ƙosan ya zauna yana tsotsa. Ki buga ƙullin sosai har ya yi sauƙi ya tashi, kada ruwa ya yi masa yawa, gishiri kuma sai dab da zubawa. Idan kin kwashe da matsami ki zuba a kwando ya tsane tukuna. Mai juyewa kai tsaye cikin kula ta rufe, gumi ya sauko, ƙosai ya yi laushi ya jiƙe da mai.

Doyar kuma ba sai ta yi iyo ba. Ki dafa ta da farko, ki yanka, ki tsoma a ruwan ƙwai, ki soya da mai cokali uku a faffaɗan kasko, ki juya. Maigidan ba zai ce ba doya da ƙwai ba ce.

Sai tambaya: man naki kwana nawa yake yi a kasko?

Mai tambaya: Ƙari nake yi a kai idan ya ragu. Da tsadar man gyaɗan nan wa zai zubar?

Mai Tuyar Ƙosai: Babu wanda ya ce ki zubar kullum. Ki bari ya huce, ki tace da mataci mai laushi ki cire ɓurɓushin, don su ne ke ƙonewa su ɓata sauran, ki zuba a mazubi mai murfi. Na kifi daban, na ƙosai daban. Amma idan ya yi baƙi, yana kumfa, yana yauƙi a cokali, ko yana hayaƙi tun wuta ba ta yi ƙarfi ba, ya gama aiki. Zuba sabo a kansa ɓata sabon ne kawai. Dabarar ita ce ƙaramin kasko mai zurfi, mai kaɗan ya ishe ki, ya ƙare kafin ya lalace.

Maman Biyu: Ku da kuke da abin soyawa ma ku gode Allah. Namu tun shigowar azumi kuɗin cefane bai ƙaru da ko sisi ba, amma a zo shan ruwa a ce ina kaza ina kaza, har da gayyato abokai. Mace ta wuni da ƙishirwa a gaban wuta, ko sannu babu. Wallahi wannan ciwon ƙirjin ba abinci ba ne, ɓacin rai ne.

Anti Nas: Maman Biyu Allah ya kawo sauƙi, amma mu koma kan mai tambaya. Lemon kwalbar nan ki cire shi daga lissafin ruwa. Robar rabin lita tana ɗauke da sukari wajen giram 50, kusan ƙaramin cokali 12, wanda shi ne gaba ɗaya iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa babba a yini. Gas ɗinsa kuma yana ƙara kumbura tumbi. Ƙarfin da kike nema ba a buɗa-baki yake ba, a sahur yake, kuma har yanzu ba ki faɗa mana me kike ci da sahur ba. Ciwon kan kuma da me kike maganinsa?

Mai tambaya: Sahur ba na iya cin abu mai nauyi. Ragowar doya da ƙwan dare nake ci da shayi, wani lokaci indomi. Sai in sha ibufurofen biyu don kada kan ya tashi da rana, in koma barci bayan asuba.

Anti Nas: Subhanallahi, wannan ai da shi ya kamata ki fara! Ibufurofen da dikulofenak suna cin bangon ciki, suna iya jawo gyambon ciki, kuma ga jikin da zai wuni babu ruwa suna wahalar da ƙoda. Ki daina daga yau. Idan ciwon kai ya matsa, farasitamol ya fi sauƙi ga ciki. Ki je asibiti a duba ki, ki faɗa musu kwanakin da kika yi kina sha. Idan an rubuta miki omefirazol, kamar rabin sa'a kafin cin sahur ake sha. Idan kuwa kika ga bayan gida baƙi kamar kwalta, ko amai da jini, ko jiri har kina neman faɗuwa, ko ciwon ƙirji mai tafiya hannu ko muƙamuƙi da gumi, ba jiran magariba, ki karya ki tafi asibiti. Marar lafiya Allah ya yi masa rangwamen ramuwa.

Sahur ɗin kuma shi ke kawo miki ƙishirwar hantsi. Indomi da garin maginsa cike suke da gishiri, tuya ma tana da nata. Ki ci abin da ke daɗewa: ɗumamen tuwo malmala ɗaya da miyar kuɓewa ko kuka marar yaji, ko faten wake da alayyahu, ko alale biyu da dafaffen ƙwai, ko fura da nono mai tsabta ba tare da tula sukari ba. Ki jinkirta shi zuwa kusa da alfijir. Ragowar ƙwan da ya kwana a kula babu wuta a wannan zafin kuwa, sa'a biyu ma ta yi masa yawa a waje, balle daga magariba zuwa ƙarfe huɗu. Gudawa ɗaya ta kwashe duk ruwan da kika tara.

Wata Malama: Anti, a nan na ɗan saba da ke. Tuwo da asuba sannan a kwanta, ai ƙwannafin ne zai dawo da safe, ke da kanki kika ce a bar sa'a biyu. Ga mai wannan matsala kunun gyaɗa mai kauri da ƙwai biyu da ayaba ya fi.

Anti Nas: Malmala ɗaya na ce, ba uku ba. Kuma maganin shi ne kada ta miƙe a shimfiɗa, ta kishingiɗa da filo biyu ta ɓangaren hagu. Kunu kaɗai ba zai kai mai tsayuwa a aji har ƙarfe biyu ba.

Hajiya Babba: Fura da nono dai barci take sawa, ni ban yarda da ita da sahur ba.

Mai tambaya: Na gode duka. Doyar zan gwada dafawa tukuna, man ma zan tace. Amma ibufurofen ɗin ai da abinci nake sha, ba da cikin wofi ba, kuma ba yau na fara ba. Asibiti sai dai bayan salla, yanzu jarrabawa ake yi ba za a ba ni izini ba. Yanzu tsakanin tuwo da kunu wanne zan ɗauka?

Maman Biyu: Ki fara tambayar wanda zai sayo ayabar da ƙwan.