Wa ya taɓa biyan bashin abokin haɗin gwiwa daga aljihunsa?

Ɗan kasuwar riɗi, Dawanau: Assalamu alaikum. Mu uku muka haɗa jari, kowa naira miliyan 4, muka yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Ɗayanmu ya karɓi riɗi na miliyan 15 bashi da sunan shagon ba tare da ya shawarce mu ba, farashi ya faɗi, shi kuma ya daina ɗaga waya. Da muka sayar da abin da ke sito muka haɗa da kuɗin asusu, miliyan 9 aka samu. Mai kaya ya tsallake kowa ya zo kaina neman cikon miliyan 6, don ni ne mai fili a Rijiyar Zaki. Na ce kasona kashi ɗaya cikin uku ne, lauyansa ya ce wannan lissafin tsakaninmu ne, bai shafe su ba. Filin ya tafi. Yanzu ana ba ni shawarar LLP, wato haɗin gwiwa mai iyakantaccen alhaki. Wanda ya gwada ya faɗa mana gaskiya.

Mai kemis, Zariya: Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Mu LLP muka yi ni da ƙanwata. Hankalinka kwance, ko me ya faru ba mai taɓa kayanka.

Lauya, Kaduna: Hajiya, rabin maganarki daidai ne. Alhaji, abin da ya cinye ka shi ne takardar sunan kasuwanci ba ta raba ku da shagon. A haɗin gwiwa na gama-gari kowane abokin tarayya wakilin sauran ne, duk bashin da ya ɗauko a harkar da kuka saba yi ya hau kanku gaba ɗaya, kuma ba ya tsayawa a kan jarin da kuka zuba. Dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020 ce ta kawo LLP ga ƙasar baki ɗaya, kafin nan Legas ce ke da tata. LLP a idon doka mutum ne mai zaman kansa: shi ke mallakar kaya, shi ke cin bashi, shi ake kai wa ƙara. Abokinka wakilin LLP ne, ba wakilinka ba. Da a haka kuke, mai riɗi zai kwashi miliyan 9 ɗin, jarinka ya salwanta, amma cikon miliyan 6 ba zai bi filinka ba don kawai kana cikin tarayyar.

Inda Hajiya ta zarce: wanda ya yi ɓarna ko sakaci da hannunsa yana nan da alhakinsa. In kuwa an yi harkar da niyyar damfarar masu bin bashi, kariyar ta faɗi ga duk mai hannu a ciki.

Injiniya, Abuja: Ni ma ga tawa. Muna da LLP, muka nemi rancen sayen injin haƙa rijiyar burtsatse. Bankin ya kawo wata takarda daban, ya ce kowannenmu ya sa hannu cewa ya tsaya wa bashin da kansa. Da biya ya yi jinkiri, wasiƙar gidana ta zo, da sunana a kai. Duk inda ka ga sunanka shi kaɗai, babu LLP a gefensa, tsaya ka karanta kafin biro ya taɓa takarda.

Matashi mai shagon waya, Farm Centre: To ni da nake ni kaɗai, in yi LLP ɗin kawai in huta?

Lauya, Kaduna: Ƙanena, sai mutum biyu aƙalla. Kai kamfani mai iyakantaccen alhaki za ka duba, doka ta yarda mutum ɗaya ya kafa ƙarami. Masu LLP ma su kula: in abokinka ya rasu ko ya fita, ka ci gaba kai kaɗai fiye da wata 6 kana sane, bashin da aka ci bayan wata 6 ɗin naka ne. Haka nan dole a naɗa mutum biyu masu ɗaukar nauyin takardun hukuma, ɗaya mazaunin Najeriya.

Dillalin hatsi, Dawanau: Ku yi haƙuri, ni ina ɗaya ɓangaren. Mu da muke ba da kaya bashi fuskar mutum muke kallo. In ka ce min LLP ne ke cin bashin kayan, ba kai ba, to kawo kuɗi hannu ko ka tsaya masa da sunanka. Kuma ko kotu ta sallame ka, ranar gobe fa? Bashi hanji ne.

Ɗan kasuwar riɗi, Dawanau: Wannan ita ce ke damuna, Malam, zan kai wa malaminmu. Barista, akwai ragowar wani bashi na tsohon shagon. In muka buɗe LLP zai koma can?

Lauya, Kaduna: Ba ya komawa da kansa, Alhaji. Abin da aka ci kafin rajista yana wuyanku, sai in mai bin bashin ya amince a rubuce a mayar da shi kan LLP. Ka kuma sanar da masu ba ku kaya a rubuce cewa tsohuwar tarayyar ta watse, tun kafin wancan abokin ya sake karɓar wani buhun da sunan shagon.