Sibin Najeriya da neman aiki a Jamus: me ake cirewa, me ake bari?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ƙanena ne ya gama injiniyan lantarki a wata jami'ar tarayya, shekara biyar, CGPA 3.80 cikin 5.00, ya yi bautar ƙasa, ya ƙara da shekara uku yana aikin sola. Yana ta tura sibi kamfanonin Jamus, shiru kake ji. Shafi huɗu ne sibin. Ina matsalar take?

Sani Sola: Wa alaikumus salam. Ya shiga shafin haɗa sibi na Europass kawai ya cike, shi Turai duka ke amfani da shi.

Anti Binta: Sani, Europass na Tarayyar Turai ne, ba ƙarya ka yi ba, amma kamfanonin Jamus ba su damu da shi ba sai in sun nema da bakinsu. Abin da suka saba gani shi ne Lebenslauf, wato sibin Jamusawa, mai ɓangare biyu: kwanan wata a hagu, bayani a dama, aikin baya-bayan nan a sama, shafi ɗaya ko biyu. Baban Khalifa, kafin a zo kan tsari, ya ya rubuta sakamakon nasa?

Baban Khalifa: "CGPA: 3.80", haka kawai ya sa, Anti.

Anti Binta: To ga babban rami nan. A Jamus maki juye yake: 1.0 shi ne ƙololuwa, 4.0 shi ne wanda ya tsallake da ƙyar, 5.0 faɗuwa ce. Bajamushe ya ga 3.80 tsirara, abin da zai fahimta shi ne yaron nan da jan ciki ya fita, alhali mai daraja ta biyu babba ne. Dole ya nuna ma'aunin a gefe, ya rubuta 3.80/5.00, ya ƙara cewa 5.00 ne mafi girma. In yana so ya sauƙaƙa musu, akwai lissafin da jami'o'insu ke juya makin waje da shi:

```
N = 1 + 3 × (Nmax − Nd) / (Nmax − Nmin)
```

Nmax shi ne 5.00, Nd makinsa ne 3.80, Nmin kuma mafi ƙarancin makin da ake ba da digiri da shi a jami'arsa. In 1.00 ne, sai a raba 1.2 da 4, a ninka sau uku, a ƙara ɗaya, ya ba da 1.9, wanda a can sakamako ne mai kyau. Amma ya rubuta cewa ƙiyasinsa ne, kada ya nuna kamar wata hukuma ce ta ba shi.

Malam Ɗanjuma: Hajiya, a gafarce ni, 1.00 ɗin nan da magana. Jami'ar da ba ta ba da digiri ƙasa da daraja ta uku, 1.50 ne ƙasanta. Da shi lissafin 2.0 zai ba da, ba 1.9 ba.

Anti Binta: Gaskiyarka Malam. Ya duba takardar sakamakonsa, inda aka jera darajoji, abin da ke wurin shi zai ɗauka.

Ɗan Maraɗi: Mu masu Licence fa, da ake ba mu maki bisa 20? Ni 14 gare ni.

Malam Ɗanjuma: Lissafin ɗaya ne. 20 a sama, 10 a ƙasa, 14 zai ba ka 2.8.

Ɗan Maraɗi: Kai! 14 ɗin da aka yanka mini rago a kansa?

Sani Sola: Ragon dai ya riga ya tafi, sai haƙuri.

Maman Ilham: Ni hoto nake tambaya. Mijina da zai tura Kanada cewa aka yi ya cire hoto da ranar haihuwa, har tantance takardun karatu na WES aka sa ya yi. Ƙanen Baban Khalifa ma ba WES ɗin zai yi ba?

Malam Ɗanjuma: A'a Maman Ilham, WES ta Kanada da Amurka ce, kada ya kashe kuɗinsa a banza. Jamus tana da nata. Da farko ya buɗe anabin, shafin hukumomin Jamus mai nuna matsayin jami'o'i da digirin waje, kyauta ne, ya nemi jami'arsa a ƙarƙashin Najeriya. In ya ga H+, an yarda da ita a matsayin jami'a. H- ba a yarda ba. H+/- kuma sai an bi digirin ɗaya bayan ɗaya. Inda mutane ke tuntuɓe shi ne su ga H+ su rufe shafin. Saura mataki na biyu: ya nemi digirin kansa, ya ga abin da aka rubuta a gabansa. "entspricht" ko "gleichwertig", wato daidai da nasu, su ake so, "bedingt vergleichbar" na nufin bai cika daidai da nasu ba. In digirin ba ya ciki sam, sai ya nemi Zeugnisbewertung, wato takardar tantance digiri, daga ZAB, ofishin tantance takardun karatun waje da ke Bonn. Kuɗin Yuro 200 da 'yan kai ne, kuma ya sa ran jiran wata biyu zuwa uku, don haka ba ranar da aka kira shi ganawa zai fara ba. In ta fito, layi ɗaya a ƙarƙashin digirin ya isa: an tantance shi daidai da digirin farko na Jamus.

Hoto kuwa, tun dokar hana wariya ta 2006 ba dole ba ne, amma har yanzu da yawa suna sawa. In zai sa, na situdiyo, ba wanda aka yanko daga hoton biki da kafaɗar ango a gefe ba.

Anti Binta: Abin da zai rage shafi huɗun nan: jihar asali, ƙaramar hukuma, addini, firamare, da jerin mutum uku masu tsaya masa. Duk su fita. Kamfanonin Jamus takarda suke so daga wurin aikin da ya bari, mai cewa daga wata kaza zuwa wata kaza ya yi aiki kaza, a haɗa ta da sibi da shaidar digiri a PDF guda. Kowane aiki da wata da shekara, kamar 03/2021 – 02/2022, domin suna bin giɓi da ido. Bautar ƙasa ta shiga cikin ayyuka, da sunan inda ya yi da abin da ya yi, don NYSC zalla ba ta gaya musu komai. Aikin solar ma ya sa girman abin da ya haɗa, kilowat nawa, wace irin inbata, shi ya tsara ko ɗaurawa kawai ya yi.

Sani Sola: Tunda shekara biyar ya yi, ai daidai da mastas ɗinsu ne. Nasu digirin farko shekara uku ne, mastas biyu. Ya nemi na masu mastas.

Malam Ɗanjuma: Ba a lissafa shi da shekaru haka, Sani. Digirin farko ne, kuma da sunan da ke kan takardarsa zai rubuta shi, ba ya laƙa masa sunan Jamusanci ba. Wajen duba ko aiki ya dace da shi, ya karanta sharaɗin karatu tukuna. In tallar ta ce "abgeschlossenes Studium", wato kammala digiri, ta ƙara da "oder vergleichbare Qualifikation", wato ko takarda makamanciyarsa, ƙofa a buɗe take. In ta ce Master ko Diplom na jami'a, musamman aikin gwamnati ko na bincike mai matakin albashi E13, ya wuce kawai. Abin da aka sa wa "von Vorteil" ko "wünschenswert" ƙari ne, rashinsa ba ya hana nema. Amma in ya ga "verhandlungssicher" a gaban Jamusanci, ana nufin wajen C1, matakin wanda ya ƙware a harshen, mai A2 da bai yi nisa ba ɓata lokacinsa zai yi. Harshen ma da matakinsa zai rubuta, A2 ko B1, ba "ina ɗan ji" ba.

Anti Binta: Nan ɗin ban bi ka duka ba, Malam. Ƙananan kamfanonin sola da ke neman ma'aikata ido rufe sukan sassauta kan harshe in mutum ya kai B1 kuma yana ci gaba da koyo. Ni zan ce ya tura.

Malam Ɗanjuma: In ofis zai zauna yana zane, wataƙila. Wanda zai yi magana da masu gida da hukumar wuta, ba za su sassauta ba.

Auwalu Kwana Huɗu: Mu 'yan HND a rubuta Bachelor ɗin kawai ko?

Anti Binta: Kul! HND za ka rubuta, sannan ka duba makarantarka da takardarka a anabin kafin ka biya kowa ko sisi.

Baban Khalifa: Na gode ƙwarai. Yanzu ya turo mini hoton anabin ɗin, jami'ar H+ ce, amma bai ga sunan digirin a jerin ba. Ya ci gaba da turawa ne, ko ya dakata sai ta ZAB ta fito?

Malam Ɗanjuma: Ya nema yau, ya ci gaba da turawa, ya rubuta a sibin cewa tantancewar tana hanya da watan da ya nema.